Garin da Na Ba Maƙeri

Jikata Tasnim ce ta tono mini wannan zance, ita da wayarta. Muna zaune a tsakar gidan uwarta a nan unguwar Hajj Yusuf, ƙetaren kogi daga Umdurman, gidan da muka dawo muka tarar an cire masa ƙofofi har da wayoyin lantarki na cikin bango, sai na ga yarinya tana ta murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Na ce, ke lafiya? Ta ce, "Habboba, wani ne yake tambayata, wai da in rasa waya wata guda da in rasa shayi shekara guda, wanne na zaɓa." Habboba kuwa kaka ke nan a bakinsu, don yaran yanzu Hausarsu ba ta kai ƙarshen jimla sai Larabci ya ƙwace ta. Na ce, au, ashe abin nan yana nan bai mutu ba? Ta yi mini kallon mamaki, wai ita a tunaninta su suka ƙirƙiro shi. Yarinya, kafin a haifi uwarki na ga an zubar da jini a kan wasan nan.

A unguwarmu ta Umdurman, can bayan kasuwa, saurayi ba ya tare budurwa a hanya ya ce yana sonta. Wa ya isa? Wurin magana ɗaya ne, gidan biki, ranar lalle bayan la'asar, lokacin da rana ta sauka daga kan katanga aka yayyafa wa ƙasa ruwa. Har yanzu ina jin ƙamshin ƙasar nan da hayaƙin turaren itace, da ƙarar turmin da ake daka kofi da citta, da shewar tsofaffi. 'Yan mata muna gefe ɗaya a kan tabarmi, samari suna ɗaya gefen a kan gadajen igiya, tsakaninmu kuma Gwaggo Mairo, yayar babana, tana zaune da carbi a hannu ɗaya, muciya a ɗaya hannun. Ita ce alƙali. Takan ce, "Ku yi magana da baki, ido ya tsaya a gidansa." Wanda ya saki kalmar banza muciya ce take ba shi amsa.

Da ƙananan wasanni ake buɗe fage. Akwai kamun wutsiya, wani ya faɗi kalma, na gaba ya kama gaɓar ƙarshe ya fara tasa da ita: shayi, yini, nisa, sabulu. Saurayi mai wayo yakan ja zaren har ya faɗa kan sunan wadda yake so, a ce sabulu, a ce lura, shi kuwa ya ce Rabi, sai wuri ya kaure da dariya, Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Akwai zaurance, mu ce "zodo mudu tada fidi" maimakon zo mu tafi, don kada maƙwabtanmu Larabawa da suka fara tsintar Hausa su gane gulmar da muke yi. Sai kuma wanne-ka-ɗauka, irin wanda aka aiko wa Tasnim. Dokarsa ɗaya ce, abu biyu ake ajiye maka, babu na uku, babu kuma "ban sani ba". A nan ake auna mutum. Ka ce wa yarinya, da ki sha shayi babu sukari tare da wani, da ki sha mai sukari ke kaɗai? In ta ce mai sukari, ka san ba ta shirya ba tukuna. In ta ce, "Ya danganta da wanda zai riƙe mini kofin," Gwaggo za ta ɗaga muciya ta ce an karya doka, amma saurayi ya riga ya ji abin da yake son ji.

Babban wasa shi ne kacici-kacici, kuma a nan ne baƙo yake ruɗewa, don yana zaton wanda ya ba da amsa shi ne ya ci. Ina! In saurayi ya kira sunanki ya jefo miki kacici-kacici kika amsa nan take, kin rufe masa ƙofa ke nan cikin mutunci, ba wanda ya zagi wani. In kuwa kina son zance ya yi tsawo, sai ki yi shiru, ki yi kamar kina nema, ki faɗi abu biyu uku na kuskure, sannan ki ce, "Na ba ka gari." Ya ce, "Wane gari?" To garin da kika ba shi shi ne saƙon. In kin ce Kano ko Sakkwato, garuruwan kakanninmu da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, wasa ne kawai, a yi dariya a wuce. In kin ce Madani ko Sinnar, inda iyayenmu suka yi cirar auduga kafin su shigo birni, kin matso, ya ƙara ƙoƙari. Yana iya ƙin garin ya ce zafi ya yi yawa a can, ki ba shi wani, a yi ta ja. In ya karɓa, sai ya ba da labarin yadda zai shiga garin, abin da zai hau, abin da zai ci, da tsarabar da zai kawo miki, sannan ya faɗi amsa. Gari ɗaya ne ba a ba da shi da wasa, garin da kike kwana a cikinsa. Wadda ta ce "Na ba ka Umdurman" ta ce a zo gidansu ke nan. Shi kuma ba zai faɗi amsa a wurin ba, sai ya ce, "Amsar tana da nauyi, zan kawo ta gida." Gari in an ba da shi, mai bayarwa ba ta karɓe shi. Wanda aka ba shi ne kaɗai zai iya mayarwa, kuma mayar da gari a gaban mutane tozarci ne da yarinya take ɗauka har ta tsufa.

Ni a lokacin bakina ba ya mutuwa. Babu wanda na taɓa ba ko Kano. Wanda ya fi kowa nacewa shi ne Jibrin, ɗan Gwaggo Mairo, taubashina, direban lori da yake ajiye motarsa a garejin Mantiƙa Sinaiya, unguwar kanikawa da masana'antu. Ƙato ne, mai agogo da tabarau, mai murya kamar hon ɗin motarsa. Saboda wasan taubasantaka yana ganin yana da iko da ni fiye da kowa, ko da yake babu wanda ya yi masa alkawarina, babana ma cewa yake yi bakin 'yarsa shi zai zaɓa mata miji. A wani bikin lalle ya zo da shirinsa. Ya kira ni ya ce, "Yana zaune a inuwa yana zufa." Na ce, randa. Ya ce, "Baƙar budurwa mai dogon wuya, ba ta magana sai ta sha wuta." Na ce, jabana, tulun kofin da ke gabanka. Ya gyara zama, ya fito da wanda ya ce a hanyar Kosti ya samo shi: "'Yan'uwa biyu, fari da baƙi, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gaisa ba." Ban bari ya rufe baki ba na ce, kogunan nan biyu ne, farin da baƙin, a inda suka haɗu a bakin garinmu, Yaya Jibrin, ko makaho ya ji labarinsu. 'Yan mata suka yi shewa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ke dai, taubashiya, wata rana za ki rasa amsa."

A ƙarshen gadon samari akwai wani siririn saurayi da ba ya cewa komai a irin wannan zama. Ba zan kira sunansa ba, ban taɓa kira ba yana raye. Maƙeri ake ce masa, don a layin maƙera na Kasuwar Umdurman yake, yana ƙera wuƙaƙe da murhun gawayi da faifan ƙarfen da ake toya kisra, siririyar wainar dawa da muke ci da miya. Kullum in na kai wa babana abincin rana a rumfarsa ta kayan yaji sai na wuce ta gabansa, ya ɗago kai, ya mayar. Ranar nan abokansa suka zungure shi har ya buɗe baki. Ya kira ni ya ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wuri ya fashe da dariya, don wannan ko yaron goye ya san wuta ce da hayaƙi. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Na ce, akuya? Ya ce a'a. Na ce, masara? Ya ce a'a. Dariya ta ɗauke, har turmin kofi ya tsaya. Na ce, na ba ka gari. Ya ce, "Wane gari?" Na ce, Umdurman. Carbin Gwaggo ya faɗi a cinyarta. Maƙeri ya ce, "Na karɓa. Amsar tana da nauyi, zan kawo ta gida ranar Juma'a." Jibrin ya tashi ya shure kofunan da ke gabansa ya fita.

Kafin Juma'ar ta zo abin ya faru, da rana tsaka, lokacin da zafi yake korar mutane daga kasuwa, masu rumfa su ja buhu su rufe su tafi masallaci. Na shigo layin maƙera da kwanon miyar kuɓewa a kaina, yanzu aka sauke ta daga wuta, na ɗora a kan gammo. Ban ji ƙarar guduma ko ɗaya ba, sai nishi. Na leƙa rumfarsa na ga Jibrin da ƙarti biyu na gareji. Sun riga sun fasa masa baki, jini yana bin gabansa har kan riga, ɗaya ya murɗe masa hannun hagu ta baya, ɗaya ya taka masa ƙafa. Jibrin yana riƙe da babbar gudumar Maƙeri. Da ya gan ni sai ya ce, "Yawwa, taubashiya, kin zo a daidai. Ai ku masu son wasa ne, bari mu yi wanne-ka-ɗauka." Ya juya ga Maƙeri. "Ga biyu, babu na uku. Ko ka mayar mata da garinta yanzu, ka kuma maimaita a gaban mutane ranar Juma'a, ko ka ɗora hannun nan da kake ci da shi a kan uwar maƙera. Wanne ka ɗauka?"

Na yi ihu na ce, Yaya Jibrin, don girman Allah, na karɓe garina, na fasa, ka sake shi! Wallahi da gaske nake, a lokacin da za a ce in sha tozarcin duniya a bar masa hannunsa da na sha. Maƙeri ya tofar da jini, ya dube ni, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Mai bayarwa ba ta karɓewa. Ke ma kin san doka." Ya miƙa hannunsa na dama ya shimfiɗa shi a kan ƙarfen, yatsu a buɗe. Ina ganin Jibrin bai zaci haka ba, don ya tsaya yana waige-waige kamar mai neman wanda zai riƙe shi. Amma ƙartinsa suna kallonsa, ni ma ina kallonsa, girman kai ya hana shi ajiye gudumar. Ya ɗaga ya sauke. Ƙarar ba irin ta ƙarfe ba ce, irin ta busasshen kara ce in an taka shi. Maƙeri bai yi kuka ba sai a bugu na biyu, kuma wannan kukan ban taɓa jin irinsa a bakin namiji ba.

Ban san lokacin da na sauke kwanon ba. Na watsa wa Jibrin miyar nan a fuska da wuya, mai yauƙi ce, ta manne ba ta sauka. Ya saki guduma yana kururuwa yana yagar rigarsa, na ɗebi garwashi da awartaki daga murhu na bi shi da shi, na samu kafaɗarsa, na ji ƙaurin nama. Ɗaya daga ƙartin ya kwaɗa mini mari na faɗi a kan tarin ƙarafa, ga tabon nan a goshina. Kafin su ƙara wani abu maƙera suka fito daga masallaci da gudu, aka rufe su da duka, da ba don limamin layin ya faɗa a kan Jibrin ba da a nan za a gama da shi. Har yau ba na nadamar miyar nan. Abin da ya dame ni kawai babana bai ci abincin rana ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Maƙeri ne da kawunsa, hannu a naɗe da tsumma an rataye shi a wuya, zazzaɓi yana kaɗa shi. Babana ya shimfiɗa musu tabarma, ni ina bayan ƙyaure ina leƙe. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, na kawo amsar da ake bina. Wuta ce da hayaƙi." Babana ya ce, "Ɗana, ai ta san amsar." Ya ce, "Na sani, Baba." Dattawa suka yi zamansu a kan maganar Jibrin, ya ɗauki lorinsa ya koma hanyar yamma da tabonsa, Gwaggo Mairo kuwa ba ta sake zama alƙalin wasa ba, ba ta kuma sake cin abincin hannuna ba har ta rasu. Hannun Maƙeri ya warke a shanye, yatsun tsakiya ba sa lanƙwasuwa. Bai sake riƙe guduma ba. Ya koma jan zugazugi ga waɗanda shi ya koya musu aiki, daga baya ya buɗe rumfa yana sayar da abin da wasu suka ƙera. Nakan gan shi yana shafa wuƙar da wani ya yi, yana girgiza kai. In na ce, da ka mayar da garin nan ai da yanzu kai ne sarkin layi, sai ya ce, "In mayar in zauna a ina?"

Aka ɗaura mana aure, haka muka tsufa a gida ɗaya a Umdurman, muka aurar da 'ya'ya, wasan ma ya tsufa tare da mu, rediyo ta ci rabinsa, talabijin ta cinye saura. Sai yaƙin nan ya zo. Jirage a sama, harsashi yana huda randa a tsakar gida, gawa a bakin layi babu mai iya ɗaukewa, karnuka suka daina tsoron mutane. Unguwa ta watse. Autata, uwar Tasnim, ta samo mota ta zo har ƙofa tana kuka tana cewa, "Baba, don Allah ka taso." Ya ce su tafi da ni, shi ba ya fita. Na zage shi ranar, zagin da ban taɓa yi masa ba, na ce taurin kan nan da ya cinye maka hannu shi zai cinye maka rai. Ya ce, "Ke kika ba ni garin nan. Ban mayar ba ina da ƙuruciya, sai yanzu?" Na ce wa yarinya ta tafi da 'ya'yanta. Ni ma na zauna, ina zan bar shi da hannu ɗaya, wa zai ɗaura masa zariya?

Da hantsi suka shigo, yara ne da bindigogi, wasunsu ba su kai Tasnim ba. Suka ɓalle ƙofa, suka juye akwatuna, suka zare mini 'yan kunne har da fatar kunnen. Babbansu ya tarar da shi zaune a kan gadon igiya, ya sa masa bakin bindiga a ƙirji, ya ce da Larabci, "Tsoho, zaɓi. Ko ka bar gidan nan da ƙafarka, ko mu binne ka a ciki." Na faɗi na riƙe takalmin yaron ina cewa za mu fita, yanzu za mu fita. Maƙeri ya ɗaga shanyayyen hannunsa ya nuna masa, ya ce da Hausa, "Yaro, an riga ka yi mini wannan tambayar." Yaron bai ji Hausa ba, dariyar da ya gani a fuskarsa ce ta ba shi haushi. Ya buga masa gindin bindiga a baki, ya sake bugawa, sannan ya harbe shi sau biyu. Da suka gama kwasar abin da za su kwasa suka tafi, ba su ma zauna a gidan ba. Ni da wani tsoho maƙwabcinmu da ya rage muka haƙa rami a gindin bishiyar lemun tsakar gida da faifan kisra, don babu hanyar maƙabarta. Faifan ma ƙirarsa ne, tun na kayan aurena. Har yau ina fushi da shi, ina kuma kewarsa kamar in mutu.

Ban faɗa wa Tasnim duk wannan ba, ta san ƙarshensa, farkon ne ba ta sani ba. Ina cikin tunani wayarta ta sake ƙara. Ta ce, "Habboba, yanzu kuma kacici-kacici ya aiko, bari in nemo amsar a waya in tura masa." Na riƙe mata hannu. Na ce, tsaya, yaron nan kina sonsa? Ta hau wasa da bakin mayafi. Na ce, to kada ki amsa, ko kin sani. Ki faɗi kuskure sau biyu, sannan ki ce kin ba shi gari. Ta yi dariya ta rubuta. Can sai ta ɗago ta ce, "Ya ce wane gari."

Na buɗe baki in ce Madani, na tuna abin da yaƙin nan ya yi wa Madani. Na tuna Sinnar. Ta ce, "Habboba, in ce Umdurman?"

Na ce, a'a, 'yar nan. Wannan na riga na bayar, mai shi yana ciki, bai mayar ba.